Babban M ko zango biyu: wacce za a bi idan sharaɗi ya ce "aƙalla"?

"Assalamu alaikum, Malam. Ɗalibin lissafi ne ni a nan Kano. An koya mana simfileks, na iya shi idan duk sharuɗɗan ≤ ne. Da aka zo kan ≥ sai aka ba mu hanya biyu, ta Babban M da ta zango biyu, wadda muke kira tu-fes. Na sa M = 1000 a wani aiki, amsata ta saɓa da ta abokina da ya bi zango biyu. Mene ne bambancinsu na haƙiƙa, kuma wacce ta fi?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Hanyoyin nan biyu tafiya ɗaya suke yi, kuma muddin ka bar M a matsayin harafi, wuri guda za su sauke ka. Saɓani yana farawa ne daga lokacin da aka ba M adadi. Don haka kafin in ga takardarka ma, zargina yana kan 1000 ɗin nan, kuma zan nuna maka hanya biyu da yake ɓata lissafi. Amma sai mun fara sanin abin da ya kawo M cikin zancen.

Simfileks, wanda George Dantzig ya fito da shi a 1947, ba ya iya tashi sai an tsayar da shi a kan wata kusurwa da ta cika dukkan sharuɗɗa. Idan sharuɗɗan ≤ ne, kuma adadin da ke gefen dama ba ya ƙasa da sifili, kusurwar kyauta ce: kada ka sayi komai, kada ka ƙera komai, ba ka karya doka ba. Shi ya sa silak, wato harafin da ke cike gibin ≤, yake isa a fara da shi. Sharaɗin ≥ kuwa cewa yake "aƙalla kaza", kuma wanda ya zauna bai yi komai ba ya riga ya karya shi.

Misalin da za mu bi

Mu ɗauki mai kiwon kaji da zai shiga kasuwar Dawanau ya sayo masara da waken suya don haɗa abinci. Mu ƙaddara buhun masara naira dubu 30 ne, na waken suya dubu 50. Yana buƙatar aƙalla buhu 10 gaba ɗaya. Sannan mu ce buhun masara yana ba da awo 1 na furotin, na waken suya awo 3, shi kuma yana son aƙalla awo 18. Na zaɓi alƙaluman ne don lissafi ya yi sauƙi. A gaskiya tazarar furotin tsakanin waken suya da masara ta fi haka, saboda haka kada kowa ya haɗa wa kajinsa abinci da su. Idan x1 buhunan masara ne, x2 na waken suya, kuma muna ƙirga kuɗi da dubu goma-goma:

```
min Z = 3x1 + 5x2
x1 +  x2 >= 10
x1 + 3x2 >= 18
```

Don mayar da ≥ ya zama daidaito, sai mu debe rara, wato s1 da s2. Layin farko ya zama x1 + x2 − s1 = 10. Gwada farawa daga sifili ka gani: s1 zai zama −10, simfileks kuwa ba ya karɓar adadi ƙasa da sifili. Dabarar ita ce a yi aron harafin da ba ya wakiltar komai a gidan kaji, wanda malaminku ke kira atifishal, a dasa shi a kowane layi don a sami wurin tsayuwa:

```
x1 +  x2 - s1 + a1 = 10
x1 + 3x2 - s2 + a2 = 18
```

Yanzu an samu mafari: a1 = 10, a2 = 18. Ka lura da ma'anarsu da kyau, domin komai a kanta ya rataya. a1 shi ne yawan buhunan da ba a kai ga saye ba, a2 kuma furotin ɗin da ya gaza. Ma'aunin karya sharaɗi ne. Duk amsar da ɗayansu ya fi sifili a cikinta ba amsa ba ce. Aikin da ya rage shi ne a kore su, kuma a nan ne hanyoyin biyu suka rabu.

Tafiyar Babban M

Wannan hanya, wadda ake dangantawa da Abraham Charnes, tara take ɗora wa haruffan aro. Kowane awo na a1 ko a2 kuɗinsa M, ita kuwa M ta fi kowane farashi da ke cikin matsalar nesa ba kusa ba. Manufa ta koma Z = 3x1 + 5x2 + Ma1 + Ma2, kuma a mafari Z = 28M.

Layin ƙasa na tebur, wato cj − zj, yana gaya mana yadda kuɗi zai motsa idan harafi ya shigo. A ƙarƙashin x1 akwai 3 − 2M, a ƙarƙashin x2 akwai 5 − 4M, s1 da s2 kuma kowanne M. Tunda rage kuɗi muke nema, wanda ya fi nutsewa ƙasa da sifili shi ke shiga, wato x2. A gwajin rabo, layin farko ya ba da 10/1 = 10, na biyu 18/3 = 6. Ƙaramin shi ke fita, saboda haka a2 ya tafi. Yanzu x2 = 6, a1 = 4, Z = 30 + 4M. A harshen gidan kaji, mutumin ya sayi waken suya buhu shida, furotin ya cika, amma saura buhu huɗu kafin yawan abincin ya kai.

A tebur na biyu x1 yana da 4/3 − (2/3)M, s2 yana da 5/3 − (1/3)M, s1 yana nan da M. x1 ya shiga. Rabon layin farko 4 ÷ (2/3) = 6, na biyu 6 ÷ (1/3) = 18, sai a1 ya fita. Tebur na ƙarshe ya tsaya haka:

```
x1 - 1.5s1 + 0.5s2 = 6
x2 + 0.5s1 - 0.5s2 = 4
cj - zj:  s1 = 2,  s2 = 1,  a1 = M - 2,  a2 = M - 1
```

Babu sauran mai ƙasa da sifili, an iso. Masara buhu 6, waken suya buhu 4, Z = 38, wato naira dubu 380.

Riƙe 2 da 1 ɗin nan na ƙarƙashin s1 da s2. Su ne farashin sharuɗɗan kansu. Da za a ce buhu 11 ake buƙata maimakon 10, kuɗi zai ƙaru da 2, wato naira dubu 20. Da za a nemi furotin awo 19, zai ƙaru da 1. Kana iya tabbatarwa: 10 × 2 + 18 × 1 = 38.

Tafiyar zango biyu

Ita wannan ba ta gauraya tambaya biyu wuri guda. A zangon farko tana ajiye farashi gefe gaba ɗaya, ta tambaya ko akwai haɗin da ya cika sharuɗɗan. Manufarta W = a1 + a2, a rage shi iyakar iyawa. A mafari W = 28, layin ƙasa kuma −2 a x1, −4 a x2, 1 a s1, 1 a s2.

Koma ka dubi teburin Babban M na farko: 3 − 2M, 5 − 4M, M, M. Adadin da ke manne da M su ne −2, −4, 1, 1. Layin zangon farko ke nan ba ragi ba ƙari. Haka a tebur na biyu, −2/3 da −1/3. Saboda haka x2 ne zai shiga a2 ya fita, W ya sauko 4, sannan x1 ya shiga a1 ya fita, W ya zama sifili. An samu kusurwa ta gaskiya.

A zango na biyu sai a share ginshiƙan a1 da a2, a dawo da farashin asali, a lissafa layin ƙasa sabo fil daga teburin da aka tsaya a kai. A ƙarƙashin s1: 0 − (3 × −1.5 + 5 × 0.5) = 2. A ƙarƙashin s2: 0 − (3 × 0.5 + 5 × −0.5) = 1. Nan ɗalibai suka fi tuntuɓe, domin da yawa sukan kwafo 3 da 5 su ɗora a layin ƙasa haka nan, ba tare da sun mayar da ƙarƙashin x1 da x2 sifili ba. Harafin da ke cikin tushe, wato mai riƙe da layi a tebur kamar x1 da x2 a nan, dole ƙarƙashinsa ya zama sifili kafin a karanta komai a layin.

A misalinmu zango na biyu bai yi juyi ko ɗaya ba, dacewa aka yi. Da masara ta yi tsada ta kai 6, ƙarƙashin s2 zai zama −0.5, ya shigo ya fitar da x1, amsa ta koma waken suya zalla buhu 10 a kan 50 maimakon 56. Abin sha'awa a nan shi ne zangon farko bai san farashi ba sam. In kasuwa ta motsa gobe, ba sai ka maimaita shi ba. Daga teburinsa na ƙarshe za ka ɗora.

To ka ga Babban M da aka bari a harafi ba komai ba ne illa zanguna biyun da aka ninke a layi ɗaya. Idan ana kwatanta 3 − 2M da 5 − 4M, ɓangaren M ake fara dubawa, ba a waiwayar 3 da 5 sai an yi kunnen doki. Ɗan bambancin da za ka iya gani a tafiyarsu daga nan yake: wurin kunnen doki Babban M yana raba gardama da farashi, zangon farko kuwa ya ɗauki wanda ya ga dama. Hanya na iya ɗan karkata, amma mafi ƙarancin kuɗi ɗaya ne.

Inda 1000 ke yin ɓarna

Ɓarna ta farko ita ce M ta yi ƙanƙanta. Tara ce, kuma ɗan kasuwar da ya ga tara ta fi bin doka araha, tarar zai biya ya wuce. Simfileks ma haka yake. Dubi teburin ƙarshe: M − 2 da M − 1. Don a1 ya zauna a waje, dole M ta wuce 2, wato ta wuce mafi girman farashin sharuɗɗa. Sa M = 1.5 ka gani: x2 zai shiga, sannan a tebur na biyu ƙarƙashin x1 ya zama 4/3 − 1 = 1/3, babu mai ƙasa da sifili, lissafi ya tsaya da a1 = 4 a ciki. Ƙa'idar da aka koya maka za ta ce matsalar ba ta da amsa, alhali ga amsarta a buhu shida da huɗu.

Za ka ce wa zai sa M = 1.5? Duk wanda ya rubuta farashi da naira ya sa M = 1000 ya yi abin da ya fi wannan muni. Farashi 30000 da 50000 ne, farashin sharuɗɗa 20000 da 10000. Ƙarƙashin x1 zai zama 30000 − 2000, ƙarƙashin x2 kuma 50000 − 4000, duk sama da sifili. Tebur na farko shi ne na ƙarshe: kada a sayi komai. Girman M ba a kansa yake ba, sai an auna shi da farashin sharuɗɗa, su kuwa ba a sanin su sai an gama lissafi. Wannan shi ne raunin hanyar na asali.

Ɓarna ta biyu ta fi ɓuya, kuma ita na fi gani a takardun ɗalibai. M ta isa, amma an taƙaita kaso. Mu koma ga 3 da 5 da M = 1000, a ce ɗalibi ya rubuta 1/3 a matsayin 0.33. Bayan juyin farko ƙarƙashin x1 zai zama −1997 + 0.33 × 3995 = −678.65, maimakon −665.33 na gaskiya. A layin farko x1 yana da 0.67, da aka raba sai s1 ya sami −1.49 maimakon −1.5. Yanzu ƙarƙashin s1 a tebur na ƙarshe:

```
1000 + 1.49 * (-678.65) = -11.19      (gaskiya: +2)
```

Tebur ya ce ba a iso ba, a shigo da s1, alhali mutum yana tsaye a kan amsa. Abin da ya faru shi ne M da −M ya kamata su cinye juna tas su bar 2. Taƙaitawar ta bar ɗan ɓurɓushi na 0.0132, aka ninka shi sau dubu ya zama 13, ya haɗiye 2. A zangon farko wannan kuskuren yana nan, amma a 0.0132 ɗinsa yake zaune, kowa ya gan shi ya san sifili ne. Zango na biyu kuma sabon layi yake lissafawa, ɓurɓushin ba ya biyo shi.

Kada ka ɗauka kwamfuta ta tsira daga wannan. Lambobin da ta saba aiki da su alƙaluma 15 zuwa 16 kawai suke riƙewa. Gwada a Python:

```python
>>> 1e16 + 1 == 1e16
True
```

Duk wanda ya ce bari ya huta ya sa M mai sifili ashirin, farashinsa na 3 da 5 sun narke a cikinta tun daga teburin farko. M tana tsakanin bango biyu: in ta gaza, ta bar haruffan aro a ciki; in ta wuce kima, ta nutsar da farashin gaskiya. A ƙaramar matsala filin da ke tsakani yana da faɗi. A matsalar da ta haɗa miliyoyin naira da giram-giram na sinadarin bitamin, filin kan matse ƙwarai.

Idan babu amsa

A ce mai kajin ya tarar buhu uku na waken suya kaɗai zai samu, injin haɗinsa kuma ba ya ɗaukar fiye da buhu goma. An ƙara x2 ≤ 3 da x1 + x2 ≤ 10. Waɗannan biyun silak kawai suke so, ba a yi musu aro. Iyakar furotin da za a samu shi ne 7 + 9 = 16, bai kai 18 ba.

Zangon farko zai tsaya a W = 2, da a2 = 2 a cikin tushe. Magana ta fito fili: babu haɗin da ya cika sharuɗɗa, furotin ne ya gaza, da awo biyu. Kuma hukuncin bai dogara da wani adadi da ka zaɓa da kanka ba. Babban M na harafi zai tsaya a Z = 36 + 2M, shi ma ya faɗi gaskiya ga mai lura. Amma da M = 1000 abin da za ka gani shi ne 2036, lamba mai kama da amsa, kuma na sha ganin an ja mata layi biyu a ƙasa an miƙa. Ko ka lura da a2 a cikin tushe ma, tambaya tana nan: babu amsa ne, ko M ce ta gaza? Lokacin da nake taya masu haɗa abincin kaji lissafi, wannan ne ya sa na fi son zango biyu, domin abin da mai gona ke so ya ji shi ne wane sinadari ne bai kai ba, ya san abin da zai koma kasuwa ya nemo.

Akwai wani hali kuma da yake rikita mutane: W ya kai sifili, amma wani harafin aro yana cikin tushe da darajar sifili. Amsa tana nan, sai dai ba za ka share ginshiƙinsa haka kawai ba, kuma in ka bar shi ba tsaro yana iya sake tashi sama da sifili a zango na biyu. Sai ka yi juyi a layinsa a kan kowane harafi na gaskiya da adadinsa ba sifili ba ne, ko da mai alamar debewa ne, tunda gefen dama sifili ne ba abin da zai lalace. A sharaɗin ≥ kullum akwai mafita, domin ginshiƙin s1 kishiyar na a1 ne daidai; in a1 yana ciki, akwai −1 a ƙarƙashin s1 a layinsa. Sai a sharaɗin daidaito ne ake iya tarar da layin duk sifili, alamar sharaɗin maimaici ne, a goge shi.

Abin da zan ce ka yi

A jarrabawa, in an ambaci hanya, bi ta. In Babban M ce, bar M a harafi har ƙarshe, ka yi aiki da 1/3 da 2/3 ɗinka ba tare da taƙaitawa ba. Ina ba ɗalibaina shawara su tsaga layin ƙasa gida biyu, na sama adadin da ba M, na ƙasa adadin da ke manne da M. Wanda ya yi haka ya kama alfanun hanyoyin biyu a tebur guda. Babban M yana da nasa daɗin a aikin hannu: manufa ɗaya ce daga farko har ƙarshe, babu wurin sauya layi da ake mantuwa, kuma ginshiƙan aro suna ba ka farashin sharuɗɗa har na daidaito, waɗanda ba su da rara da za a karanta a ƙarƙashinta. In zaɓi naka ne, ko kana rubuta manhajar simfileks don aikin kammala karatu, zango biyu za ka bi.

Kafin ka yi aro ma, duba ko ana buƙatarsa. Sharaɗi irin x1 − x2 ≥ −4, in ka ninka shi da −1 ya zama −x1 + x2 ≤ 4, silak ya wadatar. Sannan matsala irin tamu, ta rage kuɗi da farashin da babu mai ƙasa da sifili, tana da hanya ta uku, simfileks na kishiya da Carlton Lemke ya fitar a 1954. A ninka layukan biyu da −1, a fara da s1 = −10 da s2 = −18, a riƙa fitar da wanda ya fi nutsewa. s2 ya fita x2 ya shiga, s1 ya fita x1 ya shiga, ga shida da huɗu a juyi biyu, babu M babu aro. Iyakarta ita ce tana son layin ƙasa ya zama babu mai ƙasa da sifili tun farko, abin da ba kowace matsala ke bayarwa ba.

Duk wannan shawara ta aikin hannu ce da ƙaramar manhaja. Idan sinadarai da sharuɗɗa sun yi yawa, kada ka zaɓi M da kanka; miƙa sharuɗɗan yadda suke ga Solver na Excel ko `linprog` na SciPy, su nemo mafari da kansu. Shi `linprog` sharuɗɗan ≤ yake karɓa a `A_ub`, don haka ake juya alama:

```python
from scipy.optimize import linprog
r = linprog([3, 5], A_ub=[[-1, -1], [-1, -3]], b_ub=[-10, -18])
print(r.status, r.x, r.fun)
```

Zai ba ka `status` 0, buhu 6 da 4, da 38. In ka ƙara sharuɗɗan nan biyu na waken suya da inji, `status` zai koma 2, wato babu amsa. Sa aikin da kuka saɓa da abokinka a ciki, ka ga wanda ya dace. In kai ne ka kauce, fara duba teburinka na ƙarshe ko a1 ko a2 yana cikin tushe da adadi sama da sifili. In ba ya nan, koma wurin da ka fara taƙaita kaso, ka sake layin ƙasa daga nan da M a harafi.